Ranar da Ka Ce "Na Daina Biya": Bambancin Biyan Kaɗan-kaɗan da Kuɗin Sabuntawa

Shugaban taro, iyayenmu malamai, Alhazai da Hajiyoyi, 'yan'uwana 'yan kasuwa, da ƙannena samari da na hango a layukan baya, Allah ya saka muku da alheri da kuka bar shaguna da gidaje kuka zo.

Na yi shekaru ina zaune a teburin karɓar koke-koke na wani banki, kuma akwai buƙata guda da na ji ta har ban san adadi ba. Mutum ya shigo ransa a ɓace, ya ajiye katinsa a gabana, ya ce, "Malam, ku toshe min wannan kati, kowane wata sai an cire min kuɗi." Toshe kati aikin minti biyu ne. Amma kafin in taɓa komai sai in tambaye shi: kuɗin da ake cirewa, na abin da za ka amfana da shi a watan gobe ne, ko na abin da ka riga ka ɗauka ka kai gida? Da yawa sukan ɗauka ina ja musu rai ne. Alhali a amsar wannan tambaya za a san ko toshe katin zai hutar da mutum ko zai jefa shi cikin rami. A kanta zan yi maganata ta yau.

Mu fara da abin da kowa ya sani tun kafin a yi wayar hannu. Akwai mai garuwa da ke zuba maka ruwa kullum da safe kana biyansa. Ranar da aka ja maka famfo a gida, sai ka ce masa, "Daga gobe ka huta." Ya yi maka fatan alheri ya wuce, ba ya binka, ba ka binsa, domin ruwan gobe bai zuba ba balle ka biya. Akwai kuma dillaliya da ta kawo wa uwargida turmin atamfa a kan za a biya sau huɗu. An biya biyu, an ɗinka, an sa a biki. Idan uwargida ta ce mata, "Daga yau na daina," duk unguwa ta san wannan magana ba ta da wurin zama. Atamfar ta riga ta fita daga hannun mai ita.

Kuɗin da kake biya don kallon finafinai a Netflix, ko sauraron waƙa a Spotify, ko datar da ke sabunta kanta idan wata ya cika, duk dangin mai garuwa ne. Samari suna ce masa "sob". Ni zan kira shi kuɗin sabuntawa. Shi kuwa tsarin "ɗauki yanzu, biya daga baya", wanda ake sayar da wayoyi da sola da injin ɗinki da shi, dangin dillaliya ne. A fiƙihu ma malamanmu sun raba su tuntuni: na farko ya fi kama da ijara, wato biyan amfanin wani abu na ɗan lokaci, na biyu kuwa ciniki ne da aka jinkirta kuɗinsa, wanda da zarar an ƙulla shi ya zama bashi a wuyan mai saye.

To me ya rikita mutane, tunda abin a fili yake? Saƙon banki ne ya rikita su. Duka biyun suna zuwa da fuska ɗaya: ranar kaza ga wata wayarka ta yi ƙara, an cire naira kaza. Ba ka ga dillaliya a zaure ba, ba ka ga mai garuwa a ƙofar gida ba, lamba kawai ka gani. Sai zuciya ta ɗauka cewa tunda hanyar fitar kuɗin ɗaya ce, hanyar tsayar da su ma ɗaya ce.

Akwai misali a cikin aljihun kowannenku. Tun 2023 hukumar sadarwa ta ƙasa ta daidaita lambobin da ake dannawa a dukkan layuka: `*312#` na sayen data ne, `*305#` na dakatar da ƙananan hidimomin da ke cinye maka kati ne, `*303#` kuma na rancen kati ko data ne. Idan wata hidimar ba'a ko ta labarin ƙwallo tana zaftare maka naira hamsin kullum, ka danna na dakatarwa, magana ta ƙare. Amma idan ka ranci katin naira dubu ka yi kira da shi, babu lambar da za ka danna ta goge wannan rance. Ko ka yi wata uku ba ka sa kati ba, ranar da ka sa sai sun fara cire haƙƙinsu. Wanda ya gane wannan ya gane rabin laccar nan.

Yanzu mu shiga cikin cinikin kaɗan-kaɗan mu ga su wane ne a ciki, domin a nan ya bambanta da na dillaliya. Ita dillaliya mutum ɗaya ce: ita ta ba ka kaya, ita ke binka kuɗi, idan atamfa ta zuba ita za ka mayar wa. A tsarin zamani kuwa mutum uku ne. Ga mai shago, ga kamfanin da ya ba da bashin, ga kai. Lokacin da wakilin kamfanin ya ɗauki hotonka a shago a Farm Centre ko titin Beirut, ya karɓi lambar BVN ɗinka, aka miƙa maka waya a kwali, abin da ya faru a bayan fage shi ne kamfanin ya ɗauki nauyin biyan mai shago kuɗin wayar. Mai shago ya fita daga maganar kuɗi. Daga wannan rana kamfanin ne ke binka, kuma abin da yake binka kuɗi ne, ba waya ba.

Haka abin yake a ƙasashen da tsarin ya fi shahara. Klarna, wanda aka kafa a Stockholm a 2005, da Afterpay na Ostareliya, da Affirm na Amurka, duk a kan wannan ginshiƙi suke: su biya ɗan kasuwa nan take, su cire ladarsu daga wurinsa, kai kuma ka biya su. Salon da aka fi sani shi ne kashi huɗu: rubu'i ranar saye, sauran ukun kowane mako biyu, a gama cikin mako shida ba tare da ruwa ba idan ba ka makara ba. Namu na nan, irin wanda EasyBuy da M-KOPA ke yi a kan wayoyi, ya fi tsawo: ka ajiye kafin alƙalami, ka biya saura cikin watanni, kuma jimillar ta fi farashin hannu da hannu. Amma ƙashin bayan ɗaya ne.

Sannan akwai igiya ta uku wadda ba a cika lura da ita ba, ita ce izinin cire kuɗi. Ko dai ka sa lambobin katinka sau ɗaya, kamfanin da ke sarrafa biyan ya adana wata shaida a madadin katin wadda za a riƙa cirewa da ita, ko kuma ka amince da umarnin cirewa kai tsaye daga asusunka, irin wanda ake yi ta NIBSS ko Remita. Wannan izini bututu ne kawai. Cinikin daban, bashin daban, bututun daban. Wanda ya zo wurina yana neman a toshe kati, bututun yake son yankewa, kuma yanke bututu bai taɓa ciniki ko bashi ba.

Bari in ɗauki misali guda in bi shi daki-daki. Lambobin nawa ne, na tsara su don lissafi ya fito, ba farashin wani kamfani ba ne. A ce wani ƙanenmu mai tuƙa adaidaita sahu ya ɗauki waya wadda kuɗinta hannu da hannu naira 180,000 ne. Ya ajiye 54,000, saura 126,000. Aka ce zai biya 26,000 kowane wata har wata shida, wato 156,000. Kun ga an ɗora 30,000 a kan abin da ya rage, kuma jimillar abin da wayar za ta ci masa 210,000 ne. A kan katin nasa kuma akwai kuɗin wata manhajar kallon ƙwallo, 4,000 a wata.

Ya biya wata biyu lafiya. A wata na uku injin adaidaitarsa ya buga, kuɗi suka tafi wurin makaniki. Sai ya yi abin da yawancinmu za mu yi: ya kwashe ɗan abin da ke asusun ya mayar wani banki, ya sa aka toshe katin.

Ta ɓangaren ƙwallo, ga abin da zai faru. Ranar sabuntawa manhajar za ta nemi 4,000 ta rasa. Za ta sake gwadawa na 'yan kwanaki, ta aiko masa da saƙo, sannan ta rufe masa kallo. Shi ke nan. Ba ta binsa ko sisi, domin an biya watannin da ya kalla tun kafin ya kalle su. Asararsa ita ce wasannin da ba zai gani ba. DStv da GOtv da StarTimes ma sun fi wannan sauƙi ga wanda ke biya da hannunsa: rashin biyan shi ne dakatarwar.

Ta ɓangaren waya kuwa, ranar biya ta zo, an nemi 26,000 ba a samu ba. Bashin 104,000 da ya rage yana nan daram, sai dai yanzu ya sami sabon suna: wanda ya makara. Abu na farko da zai gani, idan yarjejeniyarsa ta tanadi haka, shi ne tarar jinkiri. Na biyu, wayoyin da ake bayarwa a wannan tsari galibi da manhajar kulle a cikinsu, sai ya wayi gari fuskar wayar ba ta nuna komai sai saƙon a biya. Ku dubi halin da ya shiga: wayar da fasinjojinsa ke kiransa da ita, wadda yake karɓar tiransifa da ita, ta mutu a daidai lokacin da ya fi buƙatar kuɗi. Kuma kullewar ba ta rage ko kwabo daga bashin ba. Mutane da yawa suna ɗauka cewa tunda an kulle, an yi canjaras, kowa ya riƙe nasa. Ba haka ba ne. Kullewa matsin lamba ce, ba karɓar kaya ba ce.

Na uku shi ne wanda ba ya gani da ido, kuma shi ya fi daɗewa. A Najeriya akwai kamfanoni uku masu lasisin tara tarihin bashin mutane: CRC, da FirstCentral, da CreditRegistry, kuma dokar 2017 ta bayar da rahoton bashi ita ke tafiyar da aikinsu. Idan mai ba da bashin yana kai musu rahoto, sunan wannan yaro zai shiga a matsayin wanda bai biya ba. Bayan shekara biyu ya je neman sabuwar adaidaita ta hanyar murabaha a bankin Musulunci, ko ƙaramin jari a bankin 'yan kasuwa, sai a ce masa a'a, bai san dalili ba. Na sha zama da irinsu. Mutum ya rantse bai taɓa cin bashin banki ba, kuma gaskiya yake faɗi a iya saninsa, domin shi a wurinsa waya ya saya.

Shi kuma sauya banki da ya yi, ba lallai ya tsirar da shi ba. Tun watan Agusta na 2020 Babban Bankin Najeriya ya fara aiki da tsarin da ake kira GSI, wanda ke ba bankin da ke bin mutum bashi damar cire kuɗinsa daga duk wani asusu da ke ɗaure da BVN ɗin mutumin a sauran bankunan da ke cikin tsarin, matuƙar ya sa hannu a kan wannan izini lokacin karɓar bashin. Ba kowane kamfanin kaɗan-kaɗan ke da wannan dama ba, sai cibiyoyin kuɗi da ke cikin tsarin. Kuma ƙa'idar ta ce uwar kuɗi da ruwan da ya hau za a cire ta wannan hanya, ban da tara. Amma da yake wasu kamfanonin da bankin ƙananan 'yan kasuwa suke aiki a bayansu, ya kamata mutum ya duba takardarsa ya ga sunan wa ke wurin mai ba da bashi.

To idan haka ne, babu hanyar tsayar da biyan kaɗan-kaɗan ke nan? Akwai, sai dai ba ta wajen bututu take ba. Ko a warware cinikin, ko a biya bashin, ko a sake zama a kan sharaɗinsa.

Warware ciniki shi ne inda aka fi yin kuskure, don haka zan ɗan daɗe a kansa. A ce wata Hajiya mai ɗinki ta sayi kaya na 80,000 ta intanet a tsarin kashi huɗu, 20,000 sau huɗu: ƙaramin injin surfani na 50,000 da dutsen guga na 30,000. Ta biya kashi biyu, 40,000, saura 40,000. Sai ta ga dutsen gugar ba ya zafi. Abin da zuciya ke raya mata shi ne ta ƙi biyan sauran har sai an canza mata. Amma wanda take so ta matsa wa, wato mai shago, ya riga ya karɓi kuɗinsa, ƙin biyanta ba ya taɓa shi ko kaɗan. Wanda zai ji a jikinsa shi ne kamfanin bashi, wanda bai taɓa ganin dutsen gugar ba, kuma shi ne mai ikon ɗora mata tara. Ta bar jaki ta bugi taiki.

Hanyar ita ce ta mayar wa mai shago kayan bisa ƙa'idarsa ta karɓar kaya, ta riƙe shaidar mayarwa, sannan a rana guda ta sanar da kamfanin bashin cewa ta mayar. Manyan kamfanonin suna da wurin yin wannan a manhajarsu. A Klarna, misali, akwai `Report a return`, wanda kan ɗage ranar biya na ɗan lokaci har mai shago ya tabbatar. Idan mai shago ya amince, kuɗin ba hannunta zai zo ba, wurin kamfanin zai koma. Sai a cire 30,000 daga abin da ya rage, bashinta ya dawo 10,000. Da duka kayan ta mayar, da an soke 40,000 da suka rage, a dawo mata da 40,000 da ta biya. Abin lura shi ne tsakanin ranar da ta mayar da ranar da mai shago ya tabbatar, bashin yana raye. Idan ranar biya ta faɗo a tsakani kuma ba a ɗage mata ba a rubuce, gara ta biya a dawo mata da shi daga baya, da ta ƙi biya a rubuta ta cikin masu makara.

Akwai tarko a nan da nake so kowa ya riƙe. Mai shago zai iya ce mata, "Hajiya, ba ma mayar da kuɗi, amma ki zaɓi wani abu na 30,000, ko mu rubuta miki takarda ki zo ki ɗauka duk ranar da kika so." Idan ta karɓi wannan, a wurin kamfanin bashi ba abin da ya canza, 40,000 suke binta cif. Ba laifi ba ne ta karɓa idan tana buƙatar wani kayan, amma ta karɓa da sanin cewa ba ta rage bashi ba. Kuma idan kayan da aibi suka zo, dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba ta damar mayarwa. Rubutun "kaya idan sun fita ba sa dawowa" da ke jikin rasit bai fi doka ƙarfi ba. Malamai ma sun san wannan da sunan zaɓin aibi. Idan kuwa kayan lafiyarsu ƙalau, ra'ayi ne kawai ya sauya, to wannan iƙala ce, sai da yardar mai shago, kuma ba dole a kansa.

Yaya idan an sace wayar, ko ta faɗa rijiya? Wannan tambaya tana da ciwo, amsarta ma haka. Bashin yana nan, sai in akwai inshora a cikin yarjejeniyar. Wasu tsare-tsaren suna haɗawa da ita, don haka a duba, kuma a kai rahoto wurin 'yan sanda da wuri domin takardarsu ake nema.

Hanya ta biyu ita ce biya gaba ɗaya kafin lokaci. Mu koma kan mai adaidaita. A ce yayansa ya ce zai taimaka a rufe maganar. Nawa za a biya? Cikin kowace 26,000 da yake biya, 21,000 uwar kuɗi ce, 5,000 ƙari ne. Bayan wata biyu, uwar kuɗin da ta rage 84,000 ce, ƙarin watanni huɗu masu zuwa kuma 20,000. Wani kamfanin zai karɓi 84,000 ko kusa da haka ya yafe ƙarin watannin da ba a kai ba, wani zai ce 104,000 ɗin nan sai an cika ko yau ko bayan wata huɗu. Bambancin 20,000 yana cikin layi ɗaya na takardar da aka sa wa hannu a tsaye a shago, ana sauri. Shi ya sa nake roƙon duk wanda zai ɗauki kaya ya yi wa wakili wannan tambaya kafin a buɗe kwali: idan na biya duka a wata na uku, nawa zan biya? Kuma ya nuna maka wurin a rubuce.

Hanya ta uku ita ce wadda kunya ke hana mu. Ka kira su kafin ranar biya, ba bayanta ba, ka ce ga halin da ake ciki, ina neman a ɗage min kwana goma, ko a rage abin da nake biya a tsawaita watanni. Ba kowa zai amince ba, kuma tsawaitawa takan ƙara jimillar kuɗi. Amma a idon mai ba da bashi, wanda ya kira tun da wuri da wanda ya kashe waya ya ɓace ba ɗaya ba ne. Duk abin da aka amince a kai, a turo maka shi a saƙo ko imel. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take, kuma ban ga dalilin da za mu rubuta asalin bashi mu bar sauyin da aka yi masa a baki ba.

Kada in bar ku da tunanin cewa shi kuɗin sabuntawa ba shi da ƙaya. Nasa kuskuren kishiyar wancan ne: a can mutum yana yanke bututu bashi na nan, a nan kuwa mutum yana daina amfani bututu na nan a buɗe. Goge manhaja daga waya bai soke komai ba. Na ga wanda aka yi wata tara ana cire masa kuɗin manhajar da ya goge tun makon farko. A wayar Android sai ka shiga Play Store, ka taɓa hotonka, ka zaɓi `Payments & subscriptions`, sannan `Subscriptions`, sannan `Cancel subscription`. A iPhone kuma `Settings`, sai sunanka, sai `Subscriptions`. Idan a shafin kamfanin ka yi rajista kai tsaye, to can za ka koma ka soke. Galibi za a bar ka ka ci gaba da amfani har ƙarshen kwanakin da ka biya, kuma ba a dawo da kuɗin ragowar kwanaki. Alamar an soke da gaske ita ce rubutun ya sauya daga ranar sabuntawa zuwa ranar ƙarewa. Ka ɗauki hoton wannan ka ajiye. A nan toshe kati yana da amfani, amma a matsayin mataki na biyu, idan ka soke kuma aka ci gaba da cirewa. Kuma ku sani, idan izinin a kan asusu yake ba a kan kati ba, ko ka karya katin gida biyu za a ci gaba da cira, sai ka rubuta wa banki a soke umarnin da kansa.

Sai kuma waɗanda ke tsaka-tsaki, masu kama da wannan alhali wancan ne. Akwai rajistar shekara guda da ake biya wata-wata. Matasanmu masu zanen kwamfuta sun san ta a manhajojin Adobe: farashin wata ya fi sauƙi, amma alkawarin na wata goma sha biyu ne, kuma wanda ya fita bayan kwanaki 14 na farko ana cajinsa rabin abin da ya rage. A watan Yuni na 2024 gwamnatin Amurka ta kai kamfanin kotu bisa zargin bai bayyana wannan sharaɗi a fili ba. Mutum ya ɗauka da mai garuwa yake hulɗa, ashe ya yi alkawarin shan ruwan shekara.

Solar gida da ake biya kullum ko mako-mako ita ma haka take, kuma ta shiga ƙauyukanmu sosai. Ka biya a turo maka lamba ka danna wuta ta kawo, ka ƙi biya ta ɗauke. Wannan ya yi kama da DStv sak. Amma a yawancin tsare-tsaren sayen na'urar kake yi a hankali, akwai jimillar da idan ka cika za a buɗe maka ita har abada ta zama taka. Wanda ya daina biya a tsakiya ya zauna cikin duhu, kuɗin da ya zuba ba su dawo ba, kuma gwargwadon yarjejeniya za a iya zuwa a ɗauke na'urar ko a ci gaba da binsa. Gwajin da nake ba mutane mai sauƙi ne: ka nemi jimilla da ranar gamawa a takardar. Idan an rubuta "jimillar abin da za a biya" ko "sau kaza", ko akwai ranar biyan ƙarshe, to bashi ne ko alkawari mai wa'adi, ko da wane suna aka lulluɓe shi. Idan babu jimilla, babu ƙarshe, sai dai "har sai ka soke", to sabuntawa ce.

Wani zai ce, idan kamfanin bashin ne ya zalunce ni fa, ya cire sau biyu a wata guda, ko ya ci gaba da cira bayan na gama? Wannan yana faruwa, kuma a nan kana da cikakken haƙƙin yanke bututun, domin babu bashin da ya rage a bayansa. Ka rubuta wa kamfanin da bankinka a rana ɗaya, ka haɗa da bayanin asusu da ke nuna kowane biya, ka karɓi lambar koke. Idan banki bai warware ba cikin mako biyu, sashen kare masu hulɗa da bankuna na Babban Banki yana karɓar ƙara. Idan kuma masu karɓar bashi suka shiga kiran 'yan'uwanka da abokanka suna tozarta ka, wannan ba ya cikin haƙƙinsu ko da ana binka da gaske, kuma FCCPC ta hukunta kamfanonin rance na manhaja a kan irin wannan. Ka kai ƙara a kan tozarcin, ka ci gaba da neman hanyar biyan abin da ke kanka. Maganganu biyu ne, ɗaya ba ta goge ɗaya.

Ranar da ka biya kashin ƙarshe ma akwai sauran aiki. Ka nemi takardar shaidar cewa ba a binka komai. Ka tabbatar an cire manhajar kulle daga wayar, domin wayar da ke da ita ba ta sayuwa da daraja a kasuwa. Ka sa a soke izinin cirewa daga katinka ko asusunka, yanzu lokacinsa ya yi. Bayan wata ɗaya ko biyu kuma ka nemi rahotonka daga ɗaya daga cikin kamfanonin nan uku, doka ta ba ka damar karɓar guda kyauta a kowace shekara, ka duba ko an rubuta bashin a matsayin wanda aka rufe. Idan ba a rubuta ba, takardar shaidar nan da ka karɓa ita za ka tura musu a gyara.

Shugaba ya nuna min agogo. Na ga wasu sun zo da takardun yarjejeniyarsu a hannu. Bayan tambayoyi ina nan a gefen dama, ku kawo mu karanta tare.